Sanarwa Kan Ajiye Waya a Lokacin Karatun Dare

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu shirin jarrabawar JAMB.

Daga wannan makon, za mu raba karatun bayan sallar Isha'i zuwa zango biyu, kowane zango minti 50, da hutun minti 10 a tsakani. Kafin a buɗe littafi, kowa ya tsayar da inda wayarsa za ta zauna, kuma abin da ya fi shi ne wani ɗakin daban, ko a damƙa ta ga wani babba a gida. Kife ta a gefen littafi bai wadatar ba, domin wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya nuna cewa ɗaliban da suka bar wayoyinsu a wani ɗaki sun fi waɗanda suka ajiye su a kan tebur ƙoƙari a gwajin riƙe bayanai a ƙwaƙwalwa da warware matsaloli, alhali duk wayoyin an kashe musu ƙara.

Wanda tsofaffin tambayoyinsa ke cikin waya, ya sauke su tun da rana, sannan ya kunna Airplane mode kafin ya zauna. Wanda kuma yake jiran kiran iyaye, ya kunna Do Not Disturb, ya ware lambarsu kaɗai ta riƙa shigowa.

Hutun ne wurin da aka fi zamewa. Saboda haka a duba saƙonni a tsaye, a wurin da wayar take, kada a dawo da ita kan tabarma. Duk wanda ya ga minti 10 ya zama 20 dare biyu a jere, to ya daina taɓa ta sai an kammala zango na biyu.

Ba za a turo saƙo a rukunin nan ba daga ƙarfe 8:30 zuwa 10:20. Mai tambaya ya rubuta ta a takarda, ya turo bayan an tashi.