Zuwa ga Uwata, kan jingar da aka mayar miki

Assalamu alaikum, Uwata. Da fatan kina lafiya, ya sanyin Bauchi?

Mamanki ta ce kin kira ta kina kuka, wai malami ya ba ki sifiri ya ce satar fasaha kika yi, alhali sunan littafin na nan cikin manazarta. Kada ki ga baƙina, amma malamin nan ya fi ki gaskiya. Ni ma na taɓa shan irin wannan.

Muna ɗalibai aka ba mu jinga kan tarihin masarautar Gombe. Na yi ta wasa har daren ƙarshe. Wajen ƙarfe biyu, fitilar ƙwai na hayaƙi, ido ya yi nauyi, na ci karo da sakin layi ɗaya kan yadda hedikwatar masarautar ta bar Gombe Abba zuwa Nafaɗa, daga can zuwa Doma, wato garin Gombe na yanzu. Na kwashe shi tsaf, na sauya kalmomi uku don rufa asiri, na jefa sunan littafin a shafin ƙarshe, na kwanta.

Malam bai yi faɗa ba. Yatsa ya ɗora a kan layi guda ya ce in karanta. Ashe an yi kuskuren ɗab'i a littafin, an buga 1991 maimakon 1919, ni kuwa na kwafo har da kuskuren. Ya ce, "Kai da aka haifa a garin nan, yaushe aka dawo Doma?" Na rasa bakin magana.

Ga abin da ya nuna mini a ranar. Manazarta tana faɗin littattafan da aka duba ne kawai, ba ta nuna wace jimla ce taki, wace ce ta wani. A cikin rubutun ake nuna wannan, daidai wurin da aka yi aron. In kalmomin mutum kika ɗauko, ki sa su cikin alamar zancen wani, ki biyo da sunansa, shekarar bugu da lambar shafi a baka biyu. In ra'ayinsa kike so, rufe littafin, ki faɗa da bakinki, sannan ki ambace shi duk da haka. Sauya kalma uku irin nawa kwafa ce da sabuwar riga. Abin da kowa ya sani, kamar ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, ba ya bukatar madogara.

Wanda kuma ba ki karanta da idonki ba, a littafin wani kika tsinci maganarsa, ki rubuta "kamar yadda wane ya ruwaito". Kin yi hadisi a Islamiyya, kin san ba a tsallake mai ruwaya.

Ki je wurin malamin ki amsa laifinki, ki roƙi ya bari ki sake. Kafin ki miƙa, ki kira ni ki karanta mini sakin layin in ji. Mamanki ta ba direba dambun nama, ki tare shi a tasha ranar Asabar.

Babanki,
daga Gombe