Wasiƙa Zuwa ga Iyaye: Jawabin Ɗalibarmu a Buɗe Gasar Wasa Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye da masu riƙon yara, muna gaishe ku da fatan kuna lafiya, ya kuma sanyin hunturu? Ranar Asabar da ta wuce makarantarmu ta karɓi baƙuncin gasar wasa ƙwaƙwalwa tsakanin makarantun sakandare, wasu daga nan cikin garin Sakkwato, wasu daga Boɗinga da Wurno. Sakamakon yana manne a allon sanarwa. Abin da nake son kawo muku shi ne jawabin buɗe taro, wanda ɗalibarmu ta aji biyu na babbar sakandare ta gabatar, don iyaye da yawa ba su samu zuwa ba.

Bayan sallama da gaida manya, ta fara da abin da kowa ya sani. Ta ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Ɗaki ya amsa gaba ɗaya, "Tsintsiya!" Sai ta ce:

"Iyayena malamai, 'yan'uwana ɗalibai, wannan kacici-kacici ne. In ka taɓa jin sa a dandali ka san amsa, in ba ka taɓa ji ba sai ka ba da gari, a cinye, a faɗa maka. Tambayoyin yau daban suke. Duk abin da ake buƙata yana cikin tambayar, ba a ɓoye komai ba. Ga ɗaya. Na sayi littafi da biro a kan naira 1,100. Littafin ya fi biron tsada da naira 1,000. Nawa ne biron?"

Kafin ta rufe baki an amsa daga ko'ina, "Ɗari!" Ba zan ɓoye muku ba, ni ma da nake zaune a teburin manya ɗari na ce a zuci. Ba ta ce mana mun yi kuskure ba. Alli ta ɗauka ta nufi allo.

"To, mu karɓi ɗarin, mu mayar da ita cikin tambayar mu gani ko za ta zauna. In biro naira 100 ne, littafin da ya fi shi da 1,000 ya zama 1,100. A haɗa su, 1,200 ke nan, ni kuwa 1,100 na biya. Ba ta zauna ba. Yanzu mu bi a hankali. Mu ware dubun nan da littafi ya ɗara da ita, mu aje gefe. Saura 100, kuma wannan ɗarin ta su biyun ce daidai wa daida. Biro 50, littafi 1,050. A haɗa, 1,100. A ɗebe, 1,000. Sharuɗɗan biyu duk sun cika."

Ta ce abin lura shi ne babu wanda lissafin ya gagara a ɗakin, ɗan aji uku na firamare zai iya shi. Abin da ya faru, lambar 1,100 da kanta take rabuwa a ido zuwa dubu da ɗari, sai zuciya ta cafke, ta bar kalmar "ya fi" a baya. Kuma wanda ya ce ɗari bai ji shakkar komai ba, natsuwarsa ɗaya da ta wanda ya ce hamsin. Saboda haka jin cewa ka gane ba hujja ba ne. Hujja ita ce ka mayar da amsar cikin tambayar, ka bi sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ta kawo ta biyu, wadda ta fi ta farko wayo. Kwaɗo ya faɗa rijiya mai gaba 10. Da rana yakan hau gaba 3, da dare santsi ya maido shi gaba 2. Kwana nawa zai yi ya fito? Wannan karon mutane sun yi taka-tsantsan. Wani yaro daga cikin baƙi ya ɗaga hannu ya ce, "Uku a ɗebe biyu, kullum gaba guda yake ci, kwana goma ke nan." Mun gyaɗa kai, don wannan da dalilinsa ya zo.

Ta zana rijiyar a allo, ta yi mata layi goma, ta riƙa hawa da sauka da alli. Ranar farko ya kai 3, ya wayi gari a 1. Ta biyu ya kai 4, ya wayi gari a 2. Haka ta bi ba ta tsallake ko ɗaya ba, har wasu suka fara gunaguni, sai ga shi bayan dare na bakwai kwaɗo yana kan 7. Rana ta takwas ya hau 3, ya kai bakin rijiya.

"Wanda ya riga ya fito, wane santsi zai maido shi? Amsa takwas ce. Ɗan'uwana bai yi gaggawa ba, kuma ƙa'idarsa gaskiya ce: kullum gaba guda. Amma a tsakiyar rijiya take aiki, a bakinta ta karye. Don haka in kun samo ƙa'ida yau, ku gwada ta a farko, ku gwada ta a ƙarshe. In lambobin sun yi yawa, ku rage su. Da mun ce rijiyar gaba 3 ce, kowa zai ga a yini ɗaya kwaɗo ya fita, ba uku ba."

A nan ta faɗi dalilin da ya sa take ganin irin waɗannan tambayoyi suna horar da tunani. A kasuwa ko wajen rabon kuɗin adashi, in ka yi irin wannan kuskure ba lalle ka gane ba, ko kuma ka gane bayan an yi asara. A wasa ƙwaƙwalwa cikin minti biyu za ka kama kanka, ka ga daidai kalmar da ka tsallake, kuma ba ka rasa ko kwabo ba.

Ni dai zan ƙara abu ɗaya da ba ta faɗa ba. Yaron da ya haddace "hamsin" da "takwas" bai ƙaru da komai ba, ya mayar da su kacici-kacici ne kawai. Muna gane haka cikin sauƙi: mu canza lambobi, mu ce naira 700, littafi ya ɗara da 600, mu ga ko zai sake cewa ɗari. Shi ya sa alƙalan gasar suka ba bayanin hanya maki fiye da amsar kanta. Don Allah a gida, in yaro ya ba ku amsa, ko daidai ce, ku ce masa, "Ta yaya ka sani?" ku kuma yi haƙuri ya gama bayani.

Ga wadda ta bar wa iyaye. Kwanduna uku ne a rufe: ɗaya dabino zalla, ɗaya goro zalla, ɗaya gauraye. An manna wa kowanne takarda mai suna, amma duka ukun an manna su ba daidai ba. An yarda ka sa hannu cikin kwando guda, ba tare da leƙawa ba, ka ciro ƙwaya ɗaya tak. Wanne za ka zaɓa har ka iya gyara takardun duka? A rubuto amsa tare da dalili, a ba yaro ya kawo wa malamin ajinsa kafin ranar Alhamis. Ƙungiyar wasa ƙwaƙwalwa tana zama kowace Laraba bayan sallar azahar, ana tashi ƙarfe 3:30, sai a lura da lokacin ɗaukar yara.

Wassalam,
Shugaban Makaranta