Rahoton Ayyukan Shekara: Kasafin Kuɗin Babban Taronmu

Assalamu alaikum, iyaye, dattawa da sauran 'yan ƙungiya.

A bana mun yi zaman wata-wata kamar yadda aka saba, mun kuma kai ziyarar gaisuwa da duba marasa lafiya. Amma aikin da ya fi cin kuɗi shi ne babban taron shekara, don haka a kansa za mu tsaya.

Kwamitin kuɗi ya raba kasafin gida biyu. Kashi na farko shi ne kuɗin da ba ruwansa da yawan jama'a, ko mutum hamsin suka zo ko ɗari biyar sai an biya shi. Hayar zaure naira 400,000, lasifika da janareta da mansa 250,000, sai mai ɗaukar hoto, kyallen sanarwa da masu gadi 150,000. Jimla 800,000.

Kashi na biyu shi ne wanda ke bin kawuna. Kowane mutum ɗaya zai ci abincin 2,500, ruwa da lemo 600, kujera 200, takardar tsarin taro 200, wato 3,500.

Amfanin wannan rabo shi ne ya nuna mana mutum nawa muke bukata kafin taro ya riƙe kansa. An yanka wa kowa gudummawar 6,000. Idan aka cire 3,500 da shi kansa zai ci, saura 2,500, kuma da ita ake biyan zaure da sauran kashi na farko. A raba 800,000 da 2,500, mutum 320 ke nan.

Mutum 350 ne suka biya, sai dai duk da haka an samu giɓin 30,000, wanda aka cike daga asusu. Wasunku sun yi ta tambayar yadda aka yi, kuma tambaya ce mai kyau. Manyan baƙi da 'yan rakiyarsu mutum 30 ne, sun ci sun sha, ba a karɓar gudummawa a hannunsu. Nasu ya kama 105,000. Tunda mu muka gayyace su, kuma mun san adadinsu tun farko, wurin wannan kuɗi kashi na farko ne. Da shi jimlar ta koma 905,000, masu biyan da ake bukata kuma 362.

Sai batun mai abinci. Da zarar an ba ta adadi ta yi cefane, kuɗin abinci ya daina motsi, ko an zo ko ba a zo ba. Shi ya sa muka rufe rajista saura kwana uku, duk da ƙorafin da hakan ya jawo.

A baɗi, in Allah ya kai mu, kwamiti na neman amincewarku a rufe rajista saura mako guda. Rasidai suna hannun ma'aji ga mai son dubawa.

Sakataren ƙungiya