Zuwa ga abokan cinikinmu, kan maganar jarkokin da murfinsu ke yoyo

Assalamu alaikum, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan'uwa masu injin niƙa da masu ban ruwa.

Ƙorafinku ya iso mana: jarkokin lita 25 da muka sayar a watan da ya wuce suna tsatsafo ta murfi, wasu kuma suna kumbura. Maganar ta dame mu ƙwarai, don wasunku tun iyayensu a nan suke awon kalanzir, kuma ba a taɓa saninmu da kayan banza ba.

Jikin jarkar lafiyarsa ƙalau, roba ce mai kauri, za ku ga lamba 2 cikin alwatika a gindinta. Matsalar tana ga zoben robar da ke cikin murfi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin dako ya hau, dillalin da muke saro kaya wurinsa ya koma wata masana'anta ba tare da ya sanar da mu ba. Zoben da ya dace na naitiril ne, wanda mai ba ya ci. Wanda aka sa yanzu robar gama-gari ce, fetur na taɓa ta sai ta kumbura, ta yi laushi, ta zame daga mazauninta. A ido duka biyun baƙaƙe ne, ba mai bambance su a kan kantar shago. Muna magana da dillalin, za kuma ku ji daga gare mu.

Kafin nan, ku gwada taku. Ku juye man, ku ɗaure murfin, ku shafa kumfar sabulu a kewayensa, sannan ku danna cikin jarkar da gwiwa. Idan kumfar ta yi ƙwai-ƙwai, iska na fita, tururin mai ma ta nan zai bi. Don Allah kada a cusa leda ƙarƙashin murfi. Leda tana hana zaren murfin kamawa daidai, kuma ba ta tare tururi.

Kumburi kuwa, ba duka laifin murfi ba ne. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin dubu duk lokacin da zafi ya hau da digiri ɗaya. A ce an cika lita 25 fal da asuba, zafi yana digiri 22, da azahar ya kai 42. Man ya ƙaru da kusan rabin lita ke nan, ga tururinsa yana matsa bangon jarkar, kuma ba shi da wurin zuwa sai murfi. Shi ya sa yaranmu suke tsayawa a lita 23, ba tauye mudu ba ne kamar yadda aka yi mana zargi, lita 23 ɗin kuke biya. In jarka ta kumbura, a kai ta inuwa a fili ta huce, a sassauta murfin sannu a hankali har hucin ya ƙare, fuska a kauce.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne inda ake ajiye ta. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama. Ƙasa yake bi kamar ruwa, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa, ya je ya tarar da murhu ko garwashin maganin sauro, wutar ta biyo shi har bakin jarkar. Kada fetur ya kwana a ɗakin kwana, ko madafa, ko ƙarƙashin matakalar bene. A sama masa rumfa a waje, mai inuwa, wadda iska ke ratsawa ta ƙasa, nesa da janareto. In an shiga wuri aka ji warinsa, kada a taɓa makunnin lantarki, a buɗe ƙofa da tagogi tukuna. Wajen ɗura, jarka a ƙasa take zama, ba a bayan mota ko kan babur ba, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa roba ta tara lantarkin da ke yin tartsatsi. Janareto kuma a kashe shi ya huce kafin a zuba masa. A aje bokitin yashi kusa, domin ruwa yaɗa wutar mai yake yi.

Kalanzir ba ya fitar da tururi mai kamawa sai ya kai wajen digiri 38, man gas sai ya haura 50, amma fetur kaɗan ya isa ya rushe wannan kariyar. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur kada ta ɗauki kalanzir, da haka fitila da risho suke fashewa. A rubuta sunan kowane mai a jikin jarkarsa, kuma kada a zuba kalanzir a gorar ruwan sha inda yara suke. Man gas shi ruwa ne abokin gabarsa: in murfi bai kama ba, laima ta shiga, ruwa ya kwanta a gindi ya toshe matatar inji. Fetur kuma kada ya wuce wata uku a ajiye.

Muna godiya ta musamman ga masu injin markaɗe na layinmu da manoman rani, waɗanda suka zo suka faɗa mana baki da baki maimakon su sauya shago. Duk wanda tasa ta yi kumfa ya kawo mana murfin mu duba. Allah Ya bar zumunci, Ya tsare mu da gobara.

Naku,
Masu shagon jarkoki da kalanzir