Ƙorafi kan cire mini data ba bisa ƙa'ida ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Hulɗa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, shekara tara ke nan ina riƙe da layinku, kuma da shi nake sana'ata ta sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Kullum sai na tura wa masu saye hotunan kaya har Maraɗi da Kaduna. Idan babu data, tamkar na rufe shago ne.

Ranar Litinin da ta wuce na danna *312# na sayi data ta wata guda, 10GB, saƙonku ya shigo cewa an saka mini. Ranar Alhamis bayan La'asar, ina cikin tura wa wata Hajiya hotunan leshi, sai hoto ya tsaya yana ta juyawa. Na danna *323#, sai ga shi wai saura 0MB. Kwana huɗu kacal!

Ban yi saurin ɗora muku laifi ba. Na shiga Data usage a wayata, inda take lissafa abin da kowace manhaja ta ci. Daga Litinin zuwa Alhamis jimilla 1.4GB ne, kuma WhatsApp ne ya ci mafi yawa. Hotspot a kashe yake, sabunta manhajoji kuma na saita shi sai da Wi-Fi, layina na biyu ma babu data a kansa balle a ce lissafi ya cuɗe. Na san lissafin waya da na kamfani kan ɗan saɓa, amma saɓanin ba ya kaiwa 8.6GB. To ina sauran ta shiga?

Abin da ya fi ƙona mini rai, ko saƙon gargaɗi ɗaya ban samu ba cewa data ta kusa ƙarewa. Na kira 300 sau biyu. Ma'aikaciyar ta yi mini magana cikin ladabi, ba zan ɓoye alherinta ba, sai dai amsarta ba ta wuce in kashe waya in kunna ba. Da na nemi lambar ƙorafi, aka ce za ta zo ta saƙo. Har yau shiru.

Don haka ina roƙon ku mayar mini da 8.6GB ɗina, tare da kwanakin da na yi asara. Ku kuma ba ni cikakken bayani a rubuce, rana-rana da awa-awa, na yadda aka ci wannan data. Idan lissafinku ya nuna ni na cinye ta, wallahi zan karɓa in ba ku haƙuri. Lambar ƙorafin nan ma ina buƙatarta, domin idan mako guda ya cika ban ji daga gare ku ba, da ita zan kira 622 in kai kuka ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Hotunan saƙonninku da na lissafin wayata duk suna ajiye a hannuna.

Na gode,
Abokin hulɗarku daga Kantin Kwari, Kano