Farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum: a sake duba maganar a filin lafiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Katsina, kuma ina cikin masu bin filinku na kiwon lafiya. Na ji daɗin shirin da kuka yi kan farfaɗiya, musamman da kuka ja kunnen jama'a a daina tura cokali a bakin mai ciwon, a daina gudunsa da sunan wai miyansa na yaɗa cutar. Allah Ya saka da alheri. Sai dai shirin ya tsaya ga iri guda, wato na faɗuwa da sandarewa da jijjiga. Akwai waɗanda ba sa faɗuwa ko kaɗan, kuma su ne aka fi daɗewa ba a gane su ba.

Likitoci sun raba bugun farfaɗiya gida biyu, gwargwadon inda rikicin lantarkin ƙwaƙwalwa ya fara. Wani yakan fara a wuri guda, a ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa, wani kuma tun farkonsa yakan kama ɓangarorin biyu tare. Na wuri guda kamar gobara ce da ta tashi a rumfa ɗaya a kasuwa: tana iya tsayawa nan, tana iya cin layin duka. Shi ya sa mai irin wannan ma yana iya ƙarewa da faɗuwa da jijjiga, wanda ya zo a ƙarshe ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Bambancin yana cikin daƙiƙun farko.

Bari in kawo mutum biyu da danginsu suka zo da magana kusan iri ɗaya: “Sai dai mu ga ya ɗauke, ya ƙura ido.”

Ta farko yarinya ce 'yar shekara 7. Tana cikin karatu a Islamiyya sai ta tsaya cak a tsakiyar aya, idonta a buɗe, fatar idon na ɗan kaɗawa. Bayan kamar daƙiƙa goma ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta san an yi komai ba. A yini hakan na faruwa sau da yawa, har an sha dukanta kan rashin mai da hankali. A ɗakin gwaji aka manna mata wayoyi kusan ashirin a fatar kai, aka haɗa da na'urar da ke zana lantarkin ƙwaƙwalwa, gwajin da ake rubutawa EEG a takardar asibiti. Ba ya zafi, ba ya sa wa mutum wuta, ɗauka kawai yake yi. Aka ba ta 'yar takarda ta riƙa hurawa da ƙarfi na minti uku. Ba ta kai ƙarshe ba hannunta ya tsaya, takardar ta yi ƙasa. A daidai lokacin, duk layukan da ke kan allo, na dama da na hagu, suka canza tare: tsini, sai tudu mai faɗi, tsini, sai tudu, sau 3 a kowace daƙiƙa. Kamar yadda suka fara farat ɗaya, haka suka tsaya, ta ɗago tana neman takardarta. Wannan shi ne ɗaukewar yara, yana cikin masu kama ƙwaƙwalwa duka. Yakan fara tsakanin shekara 4 zuwa 10, kuma da yawansu yakan rabu da su in sun balaga.

Na biyun magidanci ne da ya taɓa faɗuwa a babur ba hular kwano, ya bugu a kai. Shi yana jin zuwan abin. Ya ce wani abu ke taso masa daga ciki zuwa maƙogwaro, tare da tsoron da bai san dalilinsa ba. Daga nan bai san sauran ba. Matarsa ce ta ƙarasa mana: yakan ƙura ido, yana tanɗe baki kamar mai taunar wani abu, hannunsa na murza bakin riga. Ana yin minti ɗaya ko biyu a haka, sannan ya farfaɗo a ruɗe, a gajiye, magana ma ba ta fita daidai sai an jima. Wannan tasowar da yake ji ita kanta bugun ce, tun yana ƙarami bai bazu ba. Gwajinsa na farko bai nuna komai ba. Da aka sake bayan an sa shi ya rage barci a daren, ya yi gyangyaɗi a kan gadon gwaji, sai ga tsini na fitowa jefi-jefi a layukan F7 da T3 kawai, wato gefen hagu daura da kunne, ɓangaren dama kuwa lafiya lau. Shi kam sai da aka tura shi hoton ƙwaƙwalwa, domin irin wannan yakan biyo bayan tabo: bugun kai, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wahalar haihuwa ko shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya sa na dage a kan bambancin, Malam Edita, magani ne. Kabamazafin, wanda ake samu cikin sauƙi a kemis, yana aiki sosai ga irin na magidancin nan. Amma in aka ba yarinyar, yana iya ƙara mata ɗaukewar. Haka yake yi wa samari da 'yan matan da hannunsu ke fizga da sassafe har kofin shayi ya suɓuce, wanda shi ma nau'i ne na mai kama ƙwaƙwalwa duka. Su waɗannan akan ba su balfurowet, shi kuma yana da nasa haɗarin ga ɗan tayi, don haka ba a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki sai likita ya auna sosai. Raina yana ɓaci in na ga an karɓi ragowar maganin maƙwabci an ba yaro don “ai ciwonsu ɗaya”.

A kuma faɗa wa jama'a iyakar gwajin. Minti ashirin zuwa talatin ake yi, kuma ba lalle abin ya nuna kansa a wannan ɗan lokacin ba. Kusan rabin masu farfaɗiya, ko fiye, gwajinsu na farko yakan fito ba komai. Kada a ce tunda takarda ta fito lafiya, to iska ce, a ajiye magani. Labarin wanda ya ga bugun da idonsa shi ne kan gaba wajen gane ciwon, gwaji taimakawa yake yi.

Roƙona ku sake ware wa maganar fili, ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ku kuma kira malaman firamare da na Islamiyya su saurara. A koya wa iyali abin da za su lura da shi: me mutum ya ji kafin abin, wane hannu ko gefen fuska ya fara motsi, ina kai ya juya, minti nawa aka yi, kuma ya dawo hayyacinsa nan take ko sai da ya jima. Mai waya ya ɗauki bidiyo bayan an kawar da wuta da abin da zai ji wa mutum rauni, ya kai wa likita. In jijjiga ta wuce minti biyar, ko wata ta biyo wata bai farfaɗo ba, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti nan take.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya,
Katsina