Amsa ga Ɗalibin da Ya Tambaye Ni Aibin Son Kai

“Malam, ai so duka so ne, amma son kai ya fi. Me zai hana mu fito fili mu ce abin da ya wajaba a kan kowa shi ne ya nemi amfanin kansa kawai? Ina aibin wannan?”

Assalamu alaikum, ɗalibina.

Tambayarka ta cakuɗa maganganu biyu, sai mun raba su tukuna. Cewa mutane suna son kansu bayani ne na halin ɗan Adam. Cewa bin son kai kaɗai shi ne daidai hukunci ne, kuma ba a ciro shi daga maganar farko, domin yawan masu yin abu ba ya mayar da shi wajibi. Magana ta biyun ce ra'ayin da ake gardama a kansa, kuma kada ka raina shi. Masanin falsafa Henry Sidgwick ya ɗauke shi da muhimmanci a littafinsa na 1874, marubuciya Ayn Rand kuwa ta fito da littafi a 1964 tana kiran son kai halin kirki.

Ni inda nake fara auna shi, a kan wani misali ne da masana lissafi suka tsara a 1950. An kama mutum biyu, an raba musu ɗaki. Idan dukansu suka yi shiru, kowa zai sha ɗaurin shekara 1. Idan dukansu suka tona juna, kowa shekara 5. Idan ɗaya ya tona, ɗayan ya yi shiru, a saki mai tonawar, mai shirun ya sha 10.

Ka shiga ɗakin ka yi lissafi da ƙa'idarka. In abokinka ya yi shiru, tonawa ta fi maka, tunda tafiya gida ta fi shekara 1. In ya tona ka, tonawa ce dai ta fi, tunda 5 ta fi 10 sauƙi. Ta ko'ina ka duba, amfaninka yana cikin tona shi. Shi ma a ɗakinsa wannan lissafin yake yi, kuma bai yi kuskure ba. Sai ku fito da shekara biyar-biyar, alhali ɗai-ɗai tana nan kuna gani. Ka lura babu wawa a cikinku, babu wanda ya saɓa ƙa'idar. Binta sau da ƙafa da kowa ya yi shi ne ya jawo wa kowa asarar shekara 4, a ma'aunin da ita kanta ta zaɓa.

Na san amsar da za ka ba ni, kuma tana da ƙarfi: mai wayo yana hangen nesa, ya san gobe za a sake haɗuwa, don haka zai riƙe amana domin amfanin kansa. Kusan haka masanin falsafa Thomas Hobbes ya amsa tun 1651, cewa mai karya alkawari yana jefa kansa cikin haɗarin a kore shi daga cikin jama'a. Na yarda, a yawancin mu'amala haka abin yake.

Amma duba abin da amsar ta rataya a kai: sai in za a gane ka, kuma sai in wanda ka cuta zai iya ramawa. Cire waɗannan biyun ka gani. Wani ya ba ka ajiyar kuɗi, babu shaida, babu rubutu, sai ya rasu ya bar yaro ƙarami da bai san da zancen ba. A nan ra'ayin bai tsaya a ba ka izinin cinye kuɗin ba. Cewa yake cinyewar ita ce daidai, mayarwa kuwa kuskure ne. Wannan wurin ne yake tayar mini da hankali, domin ƙa'idar tana kare masu ƙarfin ramawa, ta saki maraya da mara lafiya da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Sai kuma tambayar da masanin falsafa James Rachels ya yi wa masu wannan ra'ayin. In za ka fifita wani a kan wani, dole ka nuna bambancin da ya sa haka. Yunwar yaron nan irin taka ce, tsoronsa irin naka ne, shi ma yana da gobe. Abin da ya rage ka ce shi ne, “Ai ni ne ni.” Shi ma yaron zai iya faɗin haka, don haka wannan ba ta raba gardama.

Ban ce ka daina kula da kanka ba, haƙƙinka ne. Kalmar “kawai” da ka sa ce nake ja da ita. Idan za ka sake rubuto mini, ka fara da ajiyar nan. Ka ɗauka kai ne mai ba da ita, kwananka ya kusa ƙarewa, mutumin da ke gabanka kuma ya gaya maka ƙarara cewa amfanin kansa kaɗai yake bi. Ka faɗa mini ko za ka miƙa masa kuɗin ɗanka.

Naka,
Malaminka